Tsarin Bitar Minti 45 kan Riƙe Sirrin Abokan Hulɗa

Ranka ya daɗe Manaja, ga tsarin bitar da ka ce in shirya. Za mu yi ta ranar Alhamis bayan sallar Azahar, ƙarfe 2:30, a ɗakin taro. Mu goma sha huɗu ne, har da masinja da mai gadi, domin su ma takardun mutane na bi ta hannunsu.

Minti biyar na farko zan ɗaga takarda guda kowa ya gani: fotokwafin katin NIN na wata mai neman rance, wanda na tsinta a kwandon shara makon jiya (na rufe sunan da tawada). Ga hotonta, ga lambarta, ga adireshinta. Da an kwashe sharar nan, wataƙila da ita za a naɗe wa wani ƙosai.

Doka minti goma ta ishe ta. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora mana nauyin tsare bayanan da muka karɓa, kuma idan suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, sa'o'i 72 muke da su mu sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, daga lokacin da muka sani. Saboda haka duk wanda ya yi kuskure ya faɗa mini nan take, kada ya bari sai gobe.

Kaso mafi tsoka, minti ashirin, wasan kwaikwayo ne, kuma ina roƙon kada a rage shi. A ganina kunya da kara ne suka fi fitar da sirri a ofishin nan, fiye da 'yan damfarar intanet. Akawu zai fito a matsayin magidanci mai furfura, ya zo kanta ya ce: "'Yata, duba mini nawa ya rage a asusun iyalina, ai ni na buɗe mata." Kowa sai ya amsa masa da bakinsa, har harshe ya saba da: "Baba, ka yi haƙuri, amana ce. Sai dai ta zo da kanta, kuma naka ma haka muke riƙe shi." Sannan mu gwada mai bugo waya yana cewa daga babban ofis yake, a karanto masa BVN ɗin wani.

Minti goman ƙarshe kowa ya koma teburinsa. Za mu danna `Windows + L` tare don kulle kwamfuta, mu ciro kalmomin sirrin da aka manna a ƙarƙashin kibod, mu goge hotunan takardun mutane daga wayoyinmu da zauren WhatsApp na ofis.

Abin da nake buƙata: izininka a rufe kanta na wannan lokacin, da kuɗin sayen injin yayyanka takarda kafin Laraba.

Jami'ar Gudanarwa