Ku Ba Ni Gari: Kacici-kacicin Ranar Hutu Don 'Yan Aji Huɗu

To yara, a ajiye jaka, a matso gindin darbejiya. Yau ba lissafi, ba bulala. Tun farkon damina nake tara muku waɗannan, kuma ba a cikinsu za ku ji "baba na ɗaka gemu na waje" ba, don wannan ko 'yan rabin aji sun san hayaƙi ne. Doka ɗaya ce, irin ta dandali: in kun kasa, ku ba ni gari, in cinye, sannan in faɗa.

Ƙulin ƙulifita!

Ladanin unguwarmu bai taɓa makara ba, bai taɓa alwala ba, bai taɓa shiga masallaci ba. Ranar Sallah kuma a tukunya ya yi idi.

Zakara ne. Wannan kyauta na ba ku, don baki ya buɗe.

Ga ta biyu. Tagwaye sun rako ni masallaci, da muka zo ƙofa suka ce su a nan za su jira.

Takalma! Wanda ya taɓa fitowa ya tarar tagwayensa sun bi wani, ya ɗaga hannu.

Yanzu a natsu. Yana da gemu har ƙirji, amma har yau uwarsa na goye da shi.

Na san abin da ke bakinku. Sani zai ce bunsuru, Hadiza za ta ce kakanta. To wa ya taɓa ganin akuya da zanen goyo? Ku ba ni gari. Haɗeja? Na karɓa. Na ci Haɗeja, na cinye kifinta, na kora da ruwan koginta. Amsa ita ce masara. In kun je gona ku duba yadda take maƙale a jikin kara, da gemunta ja-ja kamar ta sha lalle. Ita na fi so duk cikinsu, don kullum kuna wuce tsohon nan a goye ba ku taɓa gaishe shi ba.

Hajiya ta zo da zane bakwai a jiki, duk wanda ya kwance mata ɗaya sai ya yi hawaye.

Albasa.

Likitan garinmu sai dare yake zuwa aiki. Da waƙa yake sallama, allurarsa kyauta, in ka tashi biyansa da mari, a kumatunka zai sauka.

Sauro ne, kuma wannan likita kada a bar shi ya shigo. Allurarsa ce ke kawo zazzaɓin cizon sauro, saboda haka kowa ya sa a ɗaura masa gidan sauro a hutun nan, ina son in ƙirga ku cif ranar dawowa.

Ta baki take sha, ta hanci take zubarwa, kuma ba ta taɓa shaƙewa ba.

Buta.

Na ce masa "Ka ci tuwo?" ya gyaɗa kai. Na ce "Kai ka saci kazar Inna?" ya gyaɗa kai. Na ce "Kai ne sarkin garin nan?" ya sake gyaɗawa, ya haye katanga.

Ƙadangare! Musa, zo ka nuna mana yadda yake yi.

Wannan kuma ta masu karatu ce. Mene ne a tsakiyar Gumel?

Fadar sarki? A'a. Kasuwa? A'a. Tasha? Ku ba ni gari. Maigatari kuka ba ni? Madalla, na ci Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, na kwashe raƙuma da shanu har bakin iyakar Nijar. To a ɗauko alli. G, U, M, E, L. Me ke tsakiya? Harafin M ne zaune abinsa.

Saura biyu. Wannan a yi ta a hankali kada hedimasta ya ji. Baƙo ya shigo aji ba wanda ya gan shi, kowa ya toshe hanci, kowa ya rantse ba baƙonsa ba ne.

Na ga masu dariya tun ban rufe baki ba. Tusa ce, kuma ba na son kowa ya nuna na kusa da shi.

Ta ƙarshe. Akwai wani gari, ba sarki, ba dagaci, ba mai unguwa. A kwano ake auna shi, kaza na iya kai masa hari, Inna kuwa kullum da yamma sai ta juye shi a tukunya.

Kun yi shiru. Kazaure? Na ƙoshi. Ringim? Ku riƙe abinku. Dutse da dabinonta ma yau ba na so. Garin da nake tambaya shi za ku ba ni, kuma da shi za a tuƙa muku tuwo in kun koma gida: garin dawa!