Malama Hadiza, ina aka kwana a maganar 'yan tsakin nan?

Assalamu alaikum Malama Hadiza,

Da fatan kin wayi gari lafiya. Ya iyali, ya ƙoƙari? Rabi ce, wadda ta rubuta ɗan jagoran nan na kyauta kan rainon 'yan tsaki a kwana 14 na farko, wanda kika sauke a wayarki mako uku da suka wuce. Bayan kwana biyu na turo miki gajeren saƙo ina tambayar ko ya buɗu lafiya. Tun daga nan ban ji ɗuriyarki ba, shi ne na ce bari in sake leƙowa in gaishe ki.

Don Allah kada shirun ya sa ki ji nauyina. Ba ki ɗauki alkawarin amsawa ba, ni ma ba bashi na ba ki ba. Na san yadda abin yake: mutum ya sauke abu da kyakkyawar niyya, ya ce sai dare idan gida ya yi tsit zai karanta, daren ya zo da gajiyarsa, gobe ta zo da hidimarta. Kafin a ankara saƙonni sun binne shi a waya.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne layi biyun da kika rubuta lokacin da kike cike sunanki. A wurin da na tambayi abin da ya fi damun mutum, kin ce kina shirin ɗauko 'yan tsakin kajin nama guda 100, kuma kin taɓa gwadawa sau ɗaya amma kusan rabinsu suka mutu kafin su cika mako. Yawancin mutane tsallake wurin suke yi. Ke kin tsaya kin rubuta, kuma maganar ta zauna mini a rai, domin na san zafin abin.

Shekara tara ke nan da na ɗauko nawa na farko, guda 200. Lokacin sanyi ne, ni kuma duk tsorona kada sanyin ya kama su. Na rufe kowace taga da leda, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na zuba gawayi a tukunya biyu na ajiye musu a tsakiya, na je na kwanta hankalina kwance. Da asuba ina buɗe ƙofa wata iska mai nauyi ta doke ni har kaina ya sara. Na iske 31 a kwance ba motsi, sauran kuma sun yi laƙwas. Na daɗe a tsugune a wurin ina kwashe su ɗaya bayan ɗaya a cikin kwali. Da farko laifin wanda ya sayar mini na gani. Sai daga baya na fahimci cewa gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana cinye iskar shaƙa, yana kuma fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Da na bar 'yar kafa a sama da iska za ta riƙa fita, da ban yi wannan asarar ba. Dalilin rubuta jagoran ke nan.

Saboda haka idan shafi 22 ya yi miki yawa a yanzu, bar shi. Buɗe shafi na 6 kawai. Idan shi ma ba lokaci, ga abin da ke cikinsa a nan, ki karanta a tsaye ma ya isa.

Ɗan tsako sabon ƙyanƙyasa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa, sai ya kai wajen mako biyu kafin jikinsa ya fara iya wannan aiki sosai. Kafin nan ke ce uwarsa. A makon farko ana son zafin wurin ya tsaya tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyos, sannan a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. A lura, a daidai tsayin ɗan tsakon ake aunawa, kusa da shimfiɗa. Mutane da yawa suna rataye ma'aunin zafi a bango daidai fuskarsu, su ga lamba mai kyau, alhali ƙasa inda tsakin suke sanyi ne ƙalau. Kuma a kunna wutar tun kwana guda kafin su iso, domin daɓe da shimfiɗa su sha ɗumi. Ɗaki na iya yin zafi cikin awa ɗaya, amma ƙasa tana jan lokaci, ita kuma ƙafarsu take taɓawa.

Ko ba ki da ma'auni, su da kansu za su gaya miki. Ki shiga a hankali, ki tsaya shiru na minti biyu, ki zuba musu ido. Idan sun cure wuri guda a gindin wuta, suna hawa kan juna suna kuka da ƙarfi, sanyi suke ji, kuma a irin wannan cunkoson ne na ƙasa suke mutuwa. Idan sun gudu can jikin bango, baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. Idan duk sun koma kusurwa ɗaya sun bar sauran wurin fayau, akwai iskar da ke kaɗa su daga wani ɓangare, sai ki nemo kafar. Abin da ake so shi ne ki gan su a barbaje ko'ina, wasu na ci, wasu na sha, wasu sun miƙe ƙafa suna barci, kukansu ƙasa-ƙasa. Ni har yau nakan ɗauki ɗaya in ɗora tafin ƙafarsa a kumatuna. In na ji sanyi, na san shimfiɗar ba ta yi ɗumi ba, ko me ma'auni ya nuna.

Sai maganar ci da sha, wadda a ganina ita aka fi yi wa sakaci. Ɗan tsako yana fitowa da ragowar gwaiduwa a cikinsa wadda za ta iya riƙe shi kamar kwana uku. Wannan ne yake ruɗin mai kiwo: a ranar farko da ta biyu kowa na yawo kamar lafiya lau, ko da wasu ba su taɓa gano inda ruwa yake ba. Sai a rana ta huɗu ko ta biyar, guzurin ciki ya ƙare, a fara tsintar gawa, a ce cuta ce ta shigo. Sau da yawa yunwa ce da ƙishirwa. Shi ya sa da zarar sun iso nake tsoma bakin wasu daga cikinsu a ruwa, sauran su gani su kwaikwaya, in kuma shimfiɗa takarda in barbaɗa abincinsu a kai. Ƙarar da takardar ke yi in suna tafiya a kanta tana jawo su, su kama tsattsaga.

Bayan awa 24, ki ɗauki kamar guda 20 daga wurare daban-daban, ki shafa gindin wuyansu a hankali, inda 'yar jakar abinci take. Idan kin ji ta cika, ta yi laushi, ya ci ya sha. Idan ta yi tauri har kina jin tsakin abincin a yatsa, ya ci amma ruwa bai ishe shi ba. Idan babu komai, bai fara ba. A wannan lokacin ana son aƙalla 95 cikin 100 su kasance sun cika. Aikin minti biyar ne, amma yana nuna miki matsala tun kwana uku kafin ta zama asara.

Ban ce lallai ɗaya daga cikin waɗannan ne ya faru da naki na baya ba. Wani lokacin tun daga wurin ƙyanƙyasa ake samun rauni, ko doguwar tafiya a cikin zafi ta galabaita su, kuma akwai cututtuka irin su Niyukasil da Gumboro da sai rigakafi a kan lokaci, bisa tsarin da likitan dabbobi ya ba ki. Amma mutuwa mai yawa a cikin makon farko, abin da na fi gani yana jawo ta shi ne ɗumi, iska da ruwa. Duka ukun kuwa a hannunki suke. A garken da aka kula da shi, abin da ake fata shi ne asarar makon farko kada ta wuce ɗaya cikin 100, kuma ranar kwana bakwai nauyin ɗan tsakon nama ya ninka na ranar farko aƙalla sau huɗu.

To yanzu ina kike? Wannan kawai nake son sani. Ko kin riga kin ɗauko su, ko kina gyaran ɗaki, ko kin ɗage sai an kwana biyu. Ba sai kin yi dogon rubutu ba. Idan suna hannu, ki ɗauko mini hoton ɗakin daga bakin ƙofa, yadda zan ga inda wuta take da yadda suka bazu, zan duba in gaya miki abin da na gani. Idan ba su iso ba tukuna, wannan ma ya fi, domin gyara kafin zuwansu ya fi sauƙi. Faɗa mini faɗin ɗakin da abin da za ki ɗumama shi da shi, ko gawayi, ko gas, ko ƙwan lantarki, sai mu tsara inda komai zai zauna. Idan magana ta fi miki rubutu sauƙi, ki turo saƙon murya, ko ki zaɓi lokaci ranar Laraba ko Asabar bayan la'asar in kira ki na minti 15. Ba a biyan komai a kan wannan.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa miki: ina da ajin koyar da kiwo na mako shida da nake buɗewa lokaci-lokaci, kuma wasu da suka karanta jagoran sukan shiga. Ba shi ya kawo ni yau ba, kuma ba sharaɗi ba ne. Idan wata rana kin so jin bayaninsa, ke za ki tambaya.

Idan kuma kin fasa kiwon gaba ɗaya, ko saƙonnin sun zame miki takura, rubuto mini "a dakata" kawai, zan cire sunanki ba tare da wata tambaya ba, kuma babu komai a raina. Jagoran naki ne, ki ajiye ko ki tura wa duk wanda kika san zai amfana. Idan ya ɓace a wayar, ko tun farko bai buɗu ba, na sake maƙala shi a ƙasan wannan saƙo.

Allah Ya sa albarka a abin da kika sa gaba, Ya mayar miki da alherin abin da kika rasa a baya. A gaida mutanen gida.

Taki,
Rabi