Buɗe taron yanar gizo kan hawan jini da gabatar da Dakta Hadiza

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ina fata kuna ji na sosai? Wanda yake ji na ya ɗan rubuta "eh" a Chat in gani. Yauwa, Malama Zainab ta amsa, Malam Bashir ma, to madalla. Sunana Aminu, ni zan ja ragamar zaman nan, kuma Malam Sani yana tare da ni, shi ke kula da masu shigowa da kuma tambayoyi.

Kafin in miƙa wa baƙuwarmu ga 'yan bayanai kaɗan. Mun rufe makirufon kowa tun daga shigowa, don Allah kar wani ya ji ba daɗi, dalili shi ne waya ɗaya in ta buɗe ana kukan yaro ko ƙarar fanka a bayanta to duk sauran mu ba mai jin abin da likita ke faɗa. In kin duba ƙasa gefen hagu kika ga hoton makirufo da jan layi a kansa, a rufe kike, ki bar shi haka. Wanda aka ba dama ya yi magana sai ya danna Unmute, yana gamawa ya mayar da Mute. Masu kwamfuta mai Windows, Alt+A na yin wannan aikin. In kuma netwok ɗinka na ja, murya tana yankewa, danna Stop Video, yawanci sauti kan daidaita kuma datarka ta fi daɗewa.

Tambayoyi kuma a rubuta su a Chat da zarar sun zo maka, kar ka ce sai ƙarshe don za ka manta. Malam Sani zai tattara, waɗanda suka yi kama ya haɗa su wuri ɗaya, Dakta za ta yi minti 35 tana bayani sannan mu ba minti 20 ga amsa. Wanda ya fi son ya yi tambaya da bakinsa ya danna Raise Hand idan lokacin ya yi.

Nan wajen nake so a saurare ni da kyau, saboda maganar lafiya ce. Abin da ka tura wa Everyone kowa na gani. Kar ki saka hoton sakamakon gwajinki ko takardar maganin mahaifinki mai ɗauke da suna a can. In tambayar ta sirri ce ka zaɓi sunan Malam Sani ka tura masa shi kaɗai, zai karanta ta ba tare da ya ambaci wanda ya aiko ba. Ni dai burina kar kunya ta hana kowa tambaya yau, akwai wanda ya daina shan maganinsa wata biyu bai gaya wa kowa ba, irin wannan tambayar muka fi son ji.

Sannan za mu naɗi wannan zama domin waɗanda ba su samu shigowa ba. Ina danna Record za ku ga sanarwa ta fito a wayoyinku. Wanda ba ya son fuskarsa ta fito ya kashe kyamara, ba laifi ko kaɗan, sunansa ma zai iya canzawa ta Rename. Bidiyon zai iso ta imel ɗin da kuka yi rajista da shi cikin kwana 3 in sha Allahu, kuma ba za mu haɗa da rubutun Chat ba.

To, ga abin da ya tara mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 1 ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, domin sau da yawa ba ya ciwo ba ya nuna alama sai ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ranar 17 ga Mayu ce ranar hawan jini ta duniya, shi ya sa muka sa zaman a wannan makon.

Baƙuwarmu Dakta Hadiza likitar zuciya ce, shekararta 14 tana wannan aiki, tana kuma koyar da ɗaliban likitanci. Na taɓa zama a wani bita da ta yi, ta ɗauko na'urar awo ta ɗaura a hannun wani ta sa shi ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, ya yi shiru minti 5 kafin ta auna, ranar na gane cewa yawancinmu ba daidai muke awo a gida ba. Yau za ta bayyana mana me 140/90 ke nufi, yaushe ya kamata mutum ya garzaya asibiti, da abin da ya sa ba a barin magani don kawai an ji sauƙi.

Na danna Record yanzu. Dakta, sannu da zuwa, mun gode ƙwarai da kika ware mana lokaci duk da yawan aiki. Ki buɗe makirufonki, muna ganin allonki tas. Bismillah.