Bayanin Kaina: Neman Tallafin Karatu Ta Fannin Tsere

Shekarata 18, ’yar Tudun Wadar Kaduna ce ni, kuma tseren mita 400 nake yi.

Na fara gudu ina aji biyu a ƙaramar sakandare, a filin makaranta mai jar ƙasa wanda malamin wasanni yake shata wa layi da toka. Mahaifina tela ne, kuma da farko bai yarda ba. Sai da malamin ya zo shagonsa har sau uku, sannan ya ce: "Na amince, amma da hijabinki da dogon wandonki, kuma ranar da sakamakonki ya yi ƙasa, an gama." Shi da kansa ya ɗinka mini kayan gudun farko. Har yau ban saɓa sharaɗin nan ba: a jarrabawar kammala sakandare na ci darussa takwas, ciki har da lissafi, Turanci da kimiyyar halittu.

Kwana biyar a mako nake atisaye a filin wasa na Ahmadu Bello, da zarar an idar da sallar Asuba, ko da hazon hunturu ya rufe gari. Lokacina na farko da aka auna daƙiƙa 63.4 ne. Bana na kai 55.1.

Tsakanin waɗannan lokutan biyu akwai wata bakwai da na yi ban taka fili ba. Jijiyar bayan cinyata ce ta yage a kwanar ƙarshe, saura mita 90 in kai layi. Babu likitan gashin ƙashi a ƙungiyarmu. Ruwan zafi da man zafi mahaifiyata ta riƙa sa mini, na yi gaggawar komawa, ciwon ya dawo sabo. Ni na warke, amma ’yan mata biyu da muka fara tare, waɗanda suka fi ni sauri, irin wannan rauni ne ya zaunar da su gida. Abin yana ci mini rai har yanzu.

Shi ya sa nake son karanta gashin ƙashi a jami'arku, ina gudu da sunanta. Na san hanyar tana ɓullewa: ’yar tseren Najeriya Tobi Amusan ta bi ta jami'a a Amurka kafin ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022. Burina in sauko ƙasa da daƙiƙa 52 kafin in kammala, in kuma sa rigar Najeriya a nisan da Falilat Ogunkoya ta ci lambar tagulla a gasar Olympics ta Atlanta a 1996.

Keken ɗinkin mahaifina ba zai iya biyan kuɗin karatun nan ba. Idan kuka ba ni wannan dama, za ku sami ɗalibar da ba ta fashin atisaye, ba ta fashin aji. Bayan na gama, Kaduna zan dawo in tsaya a bakin fili da jakar magani, domin yarinyar da za ta faɗi a kwanar ƙarshe ta sami mai duba ta nan take.