Wasiƙar neman a dawo mini da layin wayata da ya ɓace

Unguwar Kwarbai,
Birnin Zariya,
Jihar Kaduna.
10 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Manaja,
Sashen Kula da Masu Amfani da Layi,
Ofishin Kamfanin Sadarwa,
Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe,

NEMAN A RUFE LAYINA DA YA ƁACE, A KUMA FITAR MINI DA SABON SIM A KAN LAMBATA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan takarda ne a kan layina na kamfaninku mai ƙarewa da 4417, wanda ke da rajista da sunana, Sani Abdullahi. Cikakkiyar lambar tana kan takardar rantsuwar da na haɗo da wannan wasiƙa.

Ranar Alhamis, 6 ga Fabrairu, da la'asar, na hau Keke Napep daga Kwangila zuwa Ƙofar Doka, wayata tana aljihun gefen rigata. Da na sauka zan biya mai keke, na laluba, babu ita. Wani mai shago a bakin titi ya ba ni aron tasa na kira lambar. Ta yi ƙara ba a ɗaga ba, da na sake kira sai aka ce a kashe take. Har yau haka take. Washegari na kai rahoto caji ofis, na je banki aka dakatar da duk wata hada-hada ta waya a asusuna, sannan na je kotu na yi rantsuwa cewa layin nawa ne kuma ɓacewa ya yi.

Na sayi layin nan a shekarar 2013, aka yi mini rajista, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna. Da gwamnati ta ba da umarni a watan Disamba na 2020 cewa kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, na bi layi a ofishinku na haɗa nawa, saƙon tabbatarwa kuma ya shigo mini. Ban taɓa ba wa wani aron layin ba, ban kuma taɓa sayar da shi ba. Idan aka buɗe rajistarku, fuskata za a gani.

Ranar Asabar na zo ofishinku domin a yi mini walkam bak. Ma'aikaciyar da na samu ta karɓe ni da mutunci, ta duba takardar NIN ɗina, ta yi mini tambayoyi na amsa. Inda aka tsaya shi ne wajen ɗaukar zanen yatsa: na'urar ta ƙi karanta babban yatsana da manuni, na dama da na hagu. Ta goge gilashin, ta ce in shafa yatsan a goshina ya ɗan yi maiƙo, duk a banza. Daga ƙarshe ta ce ba ta da ikon wucewa gaba, sai dai in rubuto wa manaja.

Ina so in yi bayanin dalilin haka, domin kada a ɗauka akwai lauje cikin naɗi. Sana'ata ɗinkin hannu ne na manyan riguna, sana'ar da na gada wurin mahaifina, wadda kuma aka san Birnin Zariya da ita. Wanda ke zama daga hantsi zuwa magariba yana tura allura cikin shadda mai kauri, yana jan zaren tsamiya don fitar da aska takwas ko aska biyu, dole kan yatsunsa su yi kanta. Nawa sun yi tauri, allura ta tsattsaga su, zanen ya shafe a wurare da dama. Lokacin da aka yi mini rajista a 2013 bai kai haka ba. Duk wanda ya dubi hannuna zai gane nan take, kuma a shirye nake in nuna shi ga duk jami'in da kuka wakilta.

Ba na jin haushin tsaurin da kuke yi. Na san akwai miyagu da ke zuwa da sunan wani su sa a fitar musu da layinsa, kafin mai shi ya farga sun kwashe abin da ke asusunsa. Gara a tsananta a kaina da a sassauta wa ɓarawo. Abin da nake roƙo shi ne a tantance ni ta wata hanyar, tunda hotona yana cikin rajistarku, yana kuma cikin bayanan da Hukumar NIMC ke riƙe da su a ƙarƙashin lambar NIN ɗina.

Ranka ya daɗe, wayar ba ita ce damuwata ba, an riga an yi asararta, Allah ya mayar da alheri. Lambar ce ba zan iya rasawa ba. Ita ce ke kan BVN ɗina, ta nan banki ke turo mini sanarwar shigar kuɗi da lambobin sirri. Ita ce kan WhatsApp ɗin da masu ba ni aiki daga Kano, Abuja da Maraɗi suke turo mini awo da hoton irin aikin da suke so. Azumi ya ƙarato, kuma a wurinmu masu ɗinkin hannu yanzu ne ake karɓar aikin Sallah, domin riga guda mai cikakken aiki takan ci makonni. Akwai waɗanda suka riga suka ba da kafin alƙalami don rigunan Hawan Sallah da Hawan Daushe. Mutum ya ba ka kuɗinsa da shaddarsa, ya yi ta kira yana jin waya a kashe, me zai zata? Yara huɗu ke aiki a ƙarƙashina, abincinsu a nan yake. Mahaifiyata kuma, da ke zaune a Giwa, wannan lambar kaɗai ta haddace.

Saboda haka ina roƙon a fara rufe tsohon sim ɗin yau ɗin nan, kada wanda ya tsinci wayar ko ya ɗauke ta ya kira mutanena da sunana ya nemi kuɗi. A kuma sanya alama a rajistata cewa kada a fitar wa kowa da wannan lamba, a wannan ofis ko a wani, sai ni da kaina na tsaya a gabanku. Bayan haka a sa mini rana in zo a ɗauki hoton fuskata a gwada da wanda ke rajista, a fitar mini da sabon sim. Na kuma san layin da ya daɗe ba a amfani da shi akan janye shi a sayar wa wani, don haka ina roƙon a riƙe mini lambar har a gama wannan bincike, kome daɗewarsa.

Kwalin da sim ɗin ya zo a ciki ba ya hannuna, shi ya sa na yi rantsuwar kotu a madadinsa. Na haɗo kwafinta, da kwafin rahoton 'yan sanda, da na takardar NIN ɗina, da wata takarda dabam da na rubuta lambobi 5 da na fi kira. Katin ƙarshe da na saka na naira 1,000 ne, ta asusun bankina, ranar Talata 4 ga Fabrairu da safe. Takardun na asali suna wurina, zan zo da su.

Tunda ba ni da waya a yanzu, na rubuta lambar ƙanena Musa a bayan takardar rantsuwar. Tare muke zama a shago, duk saƙon da aka ba shi zai iso gare ni nan take. Ina kuma roƙon a buga hatimin ofis a kwafin wannan wasiƙa a ba ni, da lambar ƙorafin da aka buɗe mini, domin in riƙa bibiya da ita. In Allah ya kai mu ranar Alhamis, 13 ga wata, zan zo ofis da ƙarfe 10 na safe in ji inda aka kwana.

Na gode. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Naku,
Sani Abdullahi
Mai ɗinkin hannu, Kwarbai, Zariya.