Ƙwaro Mai Lamba Tara

Ranar Asabar ce, ba lakwal, Inna ta tasa Hadiza gaba wai taje gona ta tsinko kuɓewa kafin rana tayi zafi. Gonar tasu tana bayan Pitowa, hanyar Garwa, auduga ce rabi, sauran gyaɗa da ƴar kuɓewar Inna a gefe. Ta tafi tana ƙunƙuni da tsohuwar wayar yayanta a hannu, wadda gilashin ya tsage tun bara.

Ta kai hannu kan wani fure kenan sai furen ya motsa. Ta ja baya da salati. Ashe ba fure bane, wani ƙwaro ne da bai kai tsawon ɗan yatsanta ba, jikinsa fari da ratsin kore, ciki duk ƙayoyi ƙanana, ya naɗe hannayensa biyu a ƙirji kamar wanda ya tada kabbara. Abin da ya tsayar da ita fiffiken ne, wani zagaye baƙi da ruwan ɗorawa sak lamba 9 kamar da biro aka rubuta. Ta matso da wayar shi kuma ya juyo da kai yana kallonta, wallahi kallo irin na mutum. Hoto uku ta ɗauka, biyu sun yi dishi dishi saboda hannunta na rawa, ɗaya ya fito tas.

Kuɓewar ma rabin kwano ta tsinko.

A gida Inna ko kallon kirki bata yi ba tace ke dai kin iya ɗebo magana, ina sauran kuɓewar? Baba ya karɓi wayar ya nisanta da ido ya daɗe, yace shekara 30 yana noma gonar nan bai taɓa gamuwa da shi ba, in dai cin auduga yake gobe gobe zai goya pampo ya feshe wajen. Ƙaninta Sani ya leƙo ta kafaɗar Baba ya kwashe da dariya yace ai wannan Eto'o ne, baku ga lambar rigarsa ba?

Kaka ce ta ɗan taɓuka. Tasa aka ƙara mata girman hoton, tace "Jikalle wannan hannun na ƙoƙi-ƙoƙi ne, amma ƙoƙi-ƙoƙin da na sani kore ne ko ruwan ƙasa, wannan kuwa ya sha ado kamar zashi biki. Ki bar shi, ba'a sanin na aljanu."

Hadiza bata yarda ta bari ba. Ta saka kiredi na sefa 500 da kuɗin kitsonta, ta hau kan tudun bayan gida inda rezo yake kamawa ta tura hoton gurup ɗin dangi na WhatsApp. Nan fa aka yi ca, kawu na Marwa yace a nemi malami ya duba tunda har da rubutu a jiki, wata gwaggo a Njamena tace hoton ƙarya ne haɗa shi aka yi, wani kuma ya turo addu'ar neman tsari mai minti bakwai, ita ce ta cinye sauran kiredin.

Ta roƙi Baba ya ɗaga feshin zuwa Litinin. Yace to, amma Litinin ɗin kawai.

Litinin ana tashi ta tare malamin kimiyya a bakin aji. Malam Buba ya cire tabarau ya kafa ma wayar ido, sai gashi yana murmushi. Yace kakarki tayi gaskiya, dangin ƙoƙi-ƙoƙi ne, wanda Faransawa ke ce ma mante religieuse, amma wannan mai kwaikwayon fure ne, laɓewa yake a kan fure har ƙuda ko malam buɗe littafi ya sauka ya cafke. Zagayen nan kuwa in tsuntsu ya matso sai ya ware fiffike su zama kamar manyan idanu biyu. Ya karɓi kayenta ya rubuta a bangon baya, Pseudocreobotra ocellata.

"Malam yana cin auduga?"

"Ko ganye ɗaya baya ci. Ƙwari yake ci, har da masu ɓata muku gonar. Ki gaya ma Babanki ma'aikaci ya samu ba ko sisi."

Da daddare bayan isha ta karanto sunan a tsakar gida da ƙyar tana tuntuɓe, Kaka tace a'uzubillahi wannan ai sunan ciwo ne. Baba dai bai ce komai ba sai da ya gama tuwonsa, ya wanke hannu, sannan ya kira Sani yace gobe in zasu feshi ya tuna masa su tsallake layin kuɓewa, kar a kashe Eto'o.