Takardar bayani ga direbobi: cajar waya a motar da soket ɗinta ya yi rauni

Daga masu gyaran wayarin na mota, Sabon Gari, Zariya

Direbobin Golf da Sharon masu lodi a Kwangila sun fi kowa kawo mana wannan ƙorafi: caja na kamawa tana saki, ko kuma fiyus ya ƙone kwana biyu da sa sabo. Sau da yawa an riga an canja caja uku kafin a zo, alhali ciwon yana cikin ramin soket.

Ku fara da ramin. Ku kashe mota, ku zare fiyus ɗinsa tukuna, don a wasu motoci wuta ba ta yankewa ko an cire makulli. A murfin akwatin fiyus na wasu motoci za ku ga an rubuta CIG ko ACC ko POWER OUTLET. Ku haska tocila cikin ramin soket ɗin. Ƙarfen da ke can ƙasa a tsakiya shi ne mai wuta, bangon kewaye kuma shi ne na jikin mota. Ƙurar hunturu da tsatsa kan hana kan caja taɓa na tsakiyar da kyau, sai wurin ya riƙa ɗumi, wutar tana raguwa. Ku goge da auduga a kan tsinke da ɗan sifirit, ku bari ya bushe. In kun ga kwabo, allura ko guntun ƙarfe, to shi ke haɗa biyun yana cin fiyus. In robar da ke kewaye ta narke ko ta yi baƙi, sai dai sabon soket.

Bayan an mayar da fiyus, a auna da mita. Mota a kashe, lafiyayyen batir yana nuna 12.4V zuwa 12.6V, inji na aiki, wajen 13.8V zuwa 14.4V. Idan kan batir ya nuna haka amma soket ya faɗi sosai da zarar an jona kaya, wayar bayansa ce ta saki ko ta yi tsatsa. Babu cajar da za ta gyara wannan.

Wajen saye, ku karanta rubutun jikinta. Ku nemi wadda aka rubuta Input 12-24V, musamman masu tirela da ke aiki da batir biyu. Ga waya ɗaya, 18W zuwa 30W ta wadatar. Mai baki biyu, kada jimillar ta wuce 40W a tsohon soket. Ku danna ƙarafan gefenta da yatsa: su yi tauri, su dawo da ƙarfi. Kan nata ma ya kasance mai sifirin. Gajera mara nauyi ta fi, domin doguwa mai allo da baki huɗu tana rinjaya, kowane gargada a hanyar Samaru sai ta girgiza ta yi tartsatsi a ciki. Mun fi son mai jikin roba a soket ɗin da ya buɗe, saboda mai jikin ƙarfe in ta karkace tana iya haɗa wuta. Faɗin soket ma ba ɗaya ba ne, na wasu motocin Turai ya ɗan fi, don haka ku kai motar ƙofar shago ku gwada kafin ku biya. Kada a cusa takarda don ta matse.

Lissafin fiyus mai sauƙi ne. Ku ninka lambarsa da 12: mai 10A yana ɗaukar kusan 120W, mai 15A kusan 180W. Cajar 30W ba ta jan fiye da wajen 3A, ke nan lafiyayyar cajar waya ita kaɗai ba ta ƙona fiyus. Masu ƙonawa su ne famfon iskar taya, butar dafa ruwa, inbata, da abin raba soket gida uku in an cika shi. Famfon taya ku sayi mai maƙalawa a kan batir kai tsaye.

In fiyus ya ƙone, a sa mai lamba ɗaya da na da. Ja 10A ne, shuɗi 15A, ruwan ɗorawa 20A, amma ku karanta lambar, don na jabu ba a yarda da launinsu. Kada ku ƙara lamba, kuma kada yaron gareji ya naɗa muku zaren waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa. Fiyus wayar mota yake karewa. In bai tsinke ba, wayar ce za ta yi zafi a bayan dasbod har ta kama.

Sabon fiyus in ya ƙone nan take babu komai a soket, haɗuwar wuta ce a ramin ko a waya, ku kawo motar. In sai an sa caja yake ƙonewa, ku jefar da ita. In kuma fiyus lafiya lau amma caja ba ta kawo wuta, ku kwance kanta. Wasu na da ɗan fiyus na gilashi a ciki, ana canja shi da mai lamba ɗaya.

Ku tayar da mota kafin ku jona caja, ku kuma zare ta in za ku kwana, don a motar da soket ba ya mutuwa tana tsotsar batir a hankali.